Me Ya Sa Rubutun Hausa Ba Ya Nuna Tsawon Wasali Da Karin Sauti?

Tambaya: Malam, ina koyar da Hausa a wata firamare a Gwale. Yara sun tambaye ni me ya sa ake rubuta "gari" na tuwo da "gari" na mutane iri ɗaya alhali ba haka muke furta su ba, na rasa abin ce musu. Mantuwa aka yi wajen tsara rubutun, ko da gangan ne? Kuma ta yaya mai karatu yake gane wanda ake nufi?

Amsa: Malama, da gangan ne. An tsara rubutun boko ne saboda mutumin da ya riga ya iya Hausa a bakinsa, aka bar masa aikin cike abin da ba a rubuta ba. Wannan shawara ta yi daidai a kusan ko'ina, amma akwai wurare 'yan kaɗan da take cizo, kuma ba wuraren da mutane suka fi kawo misali da su ba ne.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita yadda zan nuna furuci a nan. Dogon wasali zan ninka shi, kamar aa. Karin sauti kuwa shi ne hawa da saukar murya a kan gaɓa. Karin ƙasa zan ɗora masa 'yar alama mai gangarowa, kamar à. Karin faɗau, wato wanda yake farawa sama ya sauko a gaɓa guda, zan sa masa hula, kamar â. Karin sama ba shi da alama. Da wannan, garin mutane gàrii ne, garin tuwo kuwa gàarii. Kin ga abu ɗaya ne ya raba su, tsawon wasalin farko, kuma rubutun yau da kullum ya bar shi, kamar yadda ya bar kari.

Tarihin abin ba shi da tsawo. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka sani da Ɗan Hausa, shi ne ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko a 1912. A wancan lokacin Turawa ba su gama gane aikin karin sauti a Hausa ba, don haka ana iya cewa farkon abin akwai rashin sani a ciki. Amma zuwa 1934, lokacin da ƙamusun Bargery ya fito, an riga an gane, domin shi ya nuna kari da tsawon wasali a kalmominsa. Duk da haka, da Hukumar Talifi ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta shiga buga littattafai, da kuma Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, abin da aka ɗauka shi ne haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, aka bar kari da tsawo. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tafi a kan haka, taron masana da aka yi a nan Kano a 1972 bai sauya ba. A Nijar an gwada ninka dogon wasali bayan taron Bamako na 1966, sai taron Yamai na 1980 ya daidaita rubutun ƙasashen biyu, aka koma wasali guda. Wato an ga hanyar, har an taka ta, aka dawo. Ajami ma, da ya riga boko, yana nuna tsawon wasali ta hanyar alif da wawu da ya, amma bai taɓa nuna karin sauti ba, kuma malamanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna karanta shi ba tare da sun ɓace ba.

Akan ce dalili shi ne tafireta da injin ɗab'i. Akwai gaskiya a ciki, tunda lanƙwasar haruffa uku kawai har yau tana ba mutane wahala a waya. Amma ni ban ɗauke shi babban dalili ba. Babban dalilin yana cikin harshen kansa. Duba wannan jimla:

Yaro ya tafi kasuwa da safe.

Da cikakkiyar alama za ta zama: Yaaròo yaa tàfi kàasuwaa dà saafe. An ƙara haruffa shida da alamomi huɗu, kuma a cikinsu duka guda ɗaya ce tak ta gaya wa Bahaushe abin da zai iya kuskurewa, ita ce ta kan "ya". Ba wanda zai karanta "yaro" ko "kasuwa" ta wata hanya, domin babu wata kalma da take takara da su.

Ƙari a kan haka, tsawo da kari ba sa zama wuri ɗaya a jikin kalma. Wasalin ƙarshen "gida" dogo ne, gidaa, amma da zarar an ce "gidan Audu" ya gajarce, saboda Hausa ba ta barin dogon wasali a gaɓar da baƙi ya rufe. Aikatau "kama" yana ƙarewa da dogon wasali a "ya kama shi", da gajere a "ya kama ɓarawo". Dirka, wato "ne" da "ce", ba ta da karin kanta, kishiyar gaɓar da ta gabace ta take ɗauka: gidaa nèe, amma mootàa cee. Duk waɗannan bakin yaro ɗan shekara biyar yana yin su daidai ba tare da an koya masa ba. In aka ce sai ya rubuta su, an mayar da abin da ya iya ya zama darasi mai wuya, kuma kalma guda za ta riƙa sauya kama daga layi zuwa layi. Na sha gwada ɗaliban jami'a, Hausawa gaba da baya, da sa kari a kalmomi. Furucinsu ba kuskure, amma gane cewa wannan gaɓa sama take waccan ƙasa sai an yi makonni ana horo, wasalin ƙarshen kalma kuwa shi ya fi ba su wuya. Sannan ga karin harshe. Bakano da Basakkwace da Bazazzagi ba su haɗu a kan karin kowace kalma ba. Rubutu marar alama kowa yana karanta shi da muryar garinsu, ba a tilasta wa kowa ta wani ba.

To yaya ake ganewa? Galibi nahawun jimla ne yake yin aikin tun kafin ma'ana ta shigo. Ɗauki "fara". Akwai fàaraa ta ci, akwai faraa ta launi, akwai faaràa ta somawa. A "ta fara dafa abinci" kalmar ta biyo bayan wakilin suna, gabanta kuma aiki ne, don haka aikatau ce, ba sauran zaɓi. A "farar riga" ta jingina da suna, sifa ce. A "fara ta cinye gero" ita ce mai aikin. Matsayinta ya riga ya yanke hukunci. Haka "kuka": a "yaushe kuka zo?" ba bishiya ba hawaye, domin gurbin na wakilin suna ne.

Inda kalmomin biyu suka kasance sunaye duka, sai jinsi da adadi su raba gardama, kuma a nan akwai wani tsari mai kyau da za ki iya koya wa yara da misalan cikin birni. Sunan wurin sana'a da jam'in masu sana'ar sau da yawa rubutunsu ɗaya. Marina ta Ƙofar Mata marinaa ce, duk gaɓoɓinta sama. Mutanen da suke rini a cikinta marìnaa ne, gaɓar tsakiya ta sauka. Haka maƙeeraa da maƙèeraa, majeemaa da majèemaa, ma'aikataa da ma'àikàtaa. Kari ne kaɗai ya raba su a baki. A rubuce kuwa, wurin tamata ne tilo, mutanen jam'i ne, don haka abin da ya biyo baya yana tona asiri: "marina ta cika da baƙi", "marina sun tashi aiki", "ma'aikatar lafiya", "ma'aikatan lafiya". Harafi guda, r ko n, ya yi aikin da alamar kari za ta yi. Har babban baƙi yana taimakawa: bàaƙoo mai zuwa gida yana ƙarewa da dogon wasali, Bàaƙo sunan mutum da gajere, kuma babban B ya wadatar.

Sai wanda ya rage, inda jinsi ɗaya ne, aji ɗaya ne, irin "gari" ɗin yaranki ko "rago". Nan abokan tafiyar kalma ne suke nuna ta. Ana tankaɗe gari, ana auna shi, ana kwaɓa shi. Ana shiga gari, ana barin sa, gari yana wayewa. Ana yanka rago ranar suna, ana yi wa rago faɗa a gona. "Baba" tana da fuska huɗu: bàaba mahaifi, baabà uwa ko gwaggo, baabaa na rini, bàabaa na gidan sarauta a zamanin da. Masu koyar da Hausa suna son wannan misali ƙwarai saboda yana burge aji, amma a rubutun gaske da wuya ya rikita kowa. Wanda ya rubuta "an zuba baba a karofi" bai bar wa mai karatu wata shakka ba.

Inda abin yake da haɗari shi ne 'yan ƙananan kalmomin nan da suke ɗauke da lokaci: ya, ta, ka, na. Kalmar "ya" guda a rubuce, huɗu ce a baki. Akwai yaa, dogo mai karin sama, na abin da ya riga ya faru. Akwai ya, gajere mai karin sama, wanda yake zuwa bayan tambaya ko ƙarfafawa ko cikin jerin labari. Akwai yà, gajere mai karin ƙasa, na umarni ko fata ko buƙata. Akwai kuma yâa mai faɗau, na abin da ake sa ran zai faru, kamar a "bar shi, ya zo don kansa". Abin lura shi ne, a jam'i rubutu ya raba su sarai: sun, suka, su, sa. Haka ke ma da nake magana da ke: kin, kika, ki, kya. Namiji ne da "ka", da shi da "ya", da ita da "ta", rubutu ya haɗe musu huɗun wuri guda. Mutanen Sakkwato sun huta da rabin wannan matsala, tunda suna cewa "yaz zo" a na biyu, "shi zo" a na uku, amma Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta.

Wannan ya ba mu ma'auni mai sauƙi: duk inda "ya" ta rikita ki, mayar da ita jam'i ki ji wanne ya zauna. Bari mu bi misali guda har ƙarshe. A ce yaron shago a Kantin Kwari ya sami saƙo a waya daga wani dillali game da wani mai sayen atamfa:

Alhaji ya ce ya biya kuɗin.

"Ya" ta farko ba matsala, Alhaji ya riga ya yi magana. Ta biyun ce abin dubawa. Mayar da ita jam'i: "Alhaji ya ce sun biya kuɗin" ta zauna daram. "Alhaji ya ce su biya kuɗin" ita ma ta zauna daram. "Suka" ba ta shiga, domin babu tambaya ko ƙarfafawa a gabanta. "Sa biya" tana iya shiga, amma Bakano da yake nufin haka a saƙon kuɗi "zai biya" zai rubuta, don haka a ajiye ta. Saura biyu, kuma kishiyoyin juna ne: in yaa biyaa ne, kuɗi sun shiga, a ba da kaya. In yà biyaa ne, ba a biya ko sisi ba, umarni ne ake isarwa, kada kaya su fita. Jimlar ita kaɗai ba za ta iya raba su ba. Da a baki aka faɗa, yaron ba zai ma san akwai wata ma'ana ta biyu ba.

Yanzu sai a nemi abin da yake kewaye da ita. In saƙon ya ci gaba da "tun jiya", to an biya. In ya ci gaba da "kafin a ɗora kaya", umarni ne, domin "kafin" tana nuna abin da bai faru ba. In babu ko ɗaya, sai abin da yaron ya riga ya sani: shin tambaya aka aika wa Alhaji ko kuɗi sun shigo, ko kuwa tambaya aka yi me za a gaya wa mai saye? In wannan ma babu, to rubutu ya gaza, sai a buga waya. Aikatau "ce" shi ne babban mai haddasa wannan, saboda yana ɗaukar labari yana kuma ɗaukar umarni. Irin su "so" da "hana" da "kamata" ba su da wannan matsala: bayan "ina so" ko "ya kamata", yà kaɗai ke iya zuwa, kamar yadda jam'i ya nuna, "ina so su zo", ba a cewa "ina so sun zo".

Gyaran yana hannun marubuci, kuma ba ya buƙatar wata alama. In labari ne: "Alhaji ya ce ya riga ya biya." In umarni ne: "Alhaji ya ce a gaya masa ya biya", ko "ya ce lallai ya biya tukuna". Kalma ɗaya ko biyu sun toshe ƙofar.

Wuri na biyu mai cizo yana cikin aikatau, kuma 'yan jarida ya fi shafa. "Ya harbi ɓarawo" da "ya harbe ɓarawo" ba ɗaya ba ne: a na farko harsashi ya same shi, mai yiwuwa yana asibiti, a na biyu an gama da shi. Muddin suna ne ya biyo baya, i da e sun raba su. Amma da zarar an sa wakilin suna, duka biyun sai su koma "ya harbe shi". A baki akwai hàrbee shì, akwai harbèe shi, kowa yana jin bambancin rai da mutuwa. A takarda babu. Haka "ya saye shi": ko dai ya saya kawai, sàyee shì, ko ya kwashe duka bai rage ba, sayèe shi. Ma'aunin nan shi ne a mayar da wakilin suna ya koma suna, a ga ko i za ta fito ko e. Edita mai lura yakan ƙara "har lahira" ko "a ƙafa", ba don ado ba, don ya san jimlar tana da baki biyu. Mai karanta labarai a rediyo kuwa, in bai bi takardarsa ba kafin a buɗe masa makirfo, a irin wannan wurin ne za ki ji ya yi tuntuɓe ya koma farkon jimla, domin sai da ya kai ƙarshe ya gane karin da ya ɗauka ba shi ba ne.

Akwai kuma "da". Dà ta haɗi, dâa ta zamanin baya, dàa ta sharaɗi. "Da na sani" da "da muna yara" da "ni da kai" kowacce muhallinta ya isa. Amma "da ya zo" a farkon jimla sai an jira: in abin da ya biyo baya "sai muka tashi" ne, lokaci ake nufi, in "da mun tashi" ne, bai ma zo ba. Shi ya sa marubuta da yawa suke rubuta "a da" ko "da can", wasu kuma suna ɗora mata hula, dâ, ita kaɗai a duk shafin. Ban ga laifin wannan ba. Matasa ma da suke rubuta "yaa zo" ko "naa gani" a waya, ba ƙa'ida suke bi ba, amma kunnensu ya kai su daidai wurin da rubutun yake da rauni. Abin da ba na goyon baya shi ne a bi kowace kalma da ninki yadda aka ga dama, yau "kaasuwa" gobe "kasuwaa", domin wannan ya fi rashin alamar rikitarwa.

Akan kawo Yarabanci a ce ai su suna sa alama. Harsunan ba ɗaya ba ne. Yarabanci yana da matakan kari uku da tarin aikatau masu gaɓa guda, don haka kalmomin da kari kaɗai ya raba sun yi yawa ƙwarai. Kalmomin Hausa sun fi tsawo, ga jinsi, ga jam'i, ga ɗafe-ɗafe, duk suna ɗauke wa kari nauyi.

Waɗanda tsarin ya bari a baya su ne wanda yake koyon Hausa daga takarda, da kuma Bahaushen da ya ci karo da kalmar da bai taɓa ji ba, tsohuwar kalma ko sunan wani tsiro ko wani ƙauye. Shi ba shi da abin da zai cike gurbin da shi, sai ya yi ta kansa. Saboda su ne ƙamus da littattafan nazarin harshe suke sa cikakkiyar alama, haka masu nazarin waƙa, tunda ma'aunin rubutacciyar waƙa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, kuma dogon wasali yana cikin abin da yake ba gaɓa nauyi.

A aji, Malama, kada ki fara da alamomi. Rubuta "gari" ita kaɗai a allo ki ce su karanta. Za su rabu biyu, wannan rabuwar ita ce darasin. Sai ki ce kowane ɓangare ya sa ta a jimlar da ɗaya ɓangaren ba zai iya karanta ta ta hanyarsa ba. Bayan sun saba da sunaye, ki kawo musu "marina ta" da "marina sun". 'Yan aji biyar da shida kuwa za su iya ɗaukar "Malam ya ce ya zauna": su mayar da ita jam'i ta hanyoyi biyu, "sun zauna" da "su zauna", sannan kowa ya sake rubuta ta yadda ma'ana ɗaya kaɗai za ta rage.